Waje ya ƙone, ciki danƙo: wutar gasa burodi, tururi da alamar nuna

"Salamu alaikum Hajiya. A Agege nake, ina gasa burodi a obin ɗin gas na gida. Fulawa rabin kilo nake kwaɓawa da suga cokali 6, bota da madarar gari, in zuba a gwangwani ɗaya, in kai wuta lambar ƙarshe. Cikin minti 25 ya yi ja sosai, ƙasan har ƙauri yake, amma da na yanka sai in tarar da tsakiyar danƙo, gefen kuma ya lotsa. Wata ta ce in riƙa sa ruwa a tire a ciki. Wace wuta ce daidai, kuma yaya zan gane ya nuna?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki rage wuta, ki ƙara lokaci, maganar ruwa kuma ki ajiye ta gefe tukuna. Burodi mai suga da bota a gwangwani ɗaya zafin digiri 175 zuwa 180 yake so a ma'aunin Salshiyas, na tsawon minti 40 ko ɗan fiye da haka. Lambar ƙarshe a yawancin obin na gida tana kaiwa 230 ko 250, kuma wannan wutar ba ta irin burodinki ba ce. In lambobin da ke jikin naki 300, 350, 400 ne, to ma'aunin Faranhait ne, 350 za ki nema.

Bari in faɗa miki dalili, don in kin riƙe shi ba za ki sake dogara da launin sama ba. Kwaɓin burodi cike yake da ruwa, ruwa kuma a nan Legas da muke daidai da bakin teku yana tafasa ne a digiri 100, ba ya wuce nan. Duk inda yake da danshi a cikin burodi zafinsa ba zai haura 100 ba, ko da obin ɗin ya kai 250. Fatar waje ce kaɗai ke bushewa ta wuce wannan iyaka, kuma sai ta kai wajen 140 zuwa 150 take fara yin ja. Saboda haka tsakiyar burodi ba daga wutar obin take karɓar zafi kai tsaye ba. Daga jiƙaƙƙen kwaɓin da ke ƙarƙashin ɓawo take karɓa, shi kuwa yana nan a 100 ɗinsa, ko kin ƙure wuta ko kin rage. Abin da ƙure wuta ke hanzartawa shi ne ƙonewar ɓawo. Tafiyar zafi zuwa tsakiya kaurin burodin ne ke yanke mata lokaci. Kin san yadda masa take yi in wutar tanda ta yi yawa, baya baƙi, ciki ƙullu. To abin ɗaya ne, sai dai burodi ya fi masa kauri nesa ba kusa ba.

Sugan ki ma yana da hannu a ciki. Cokali 6 babba wajen giram 75 ke nan, a fulawa giram 500, ga kuma madara wadda ita ma tana da nata sugan. Suga da madara suna sa ɓawo ya yi ja da wuri ƙwarai. Burodin da ba shi da komai sai fulawa, ruwa, gishiri da yis zai jure 230 na minti 40 bai ƙone ba. Naki a wannan wutar kafin minti 18 ya gama yin launi. Sai ido ya ce miki ya yi, hanci ya ce miki ya fara ƙauri, ki fitar a minti 25, alhali tsakiyar ba ta fi digiri 75 ko 80 ba. A wannan matakin yis ya riga ya mutu, don ba ya wuce 60, garin ya fara shan ruwa yana kumbura, amma bai gama kamawa ba. Shi ne danƙon da ke manne wa wuƙa. Shi ne kuma ya sa gefe ke lotsawa: tururin da ke ciki ne yake riƙe da burodin a tsaye yana da zafi, da ya fara hucewa tururin ya koma ruwa, bangon da bai yi ƙwari ba sai ya faɗa ciki.

Yanzu abin da ya fi wuya shi ne sanin inda 180 take a obin ɗinki, don lambar da ke jikin maɓalli ba abin yarda ba ce. A tsarin lambobin gas na Ingila, 4 ita ce 180, 6 ita ce 200, 8 ita ce 230. Amma da yawa daga cikin kukan gas da ake sayarwa a kasuwanninmu lambobinsu ba sa bin wannan tsari, wasu ma ba su da lamba sai zanen babbar wuta da ƙarama. Akwai abin da nake so ki duba yau ɗin nan. Ki kunna obin a matsakaiciyar lamba, ki rufe, ki durƙusa ki leƙa harshen wutar ta ramukan da ke ƙasa. Bayan minti 10 zuwa 15, in kika ga wutar ta ja baya da kanta ta koma ƙanana, to obin ɗin yana da na'urar da ke tsayar da zafi, kin huta. In kuwa wutar tana nan yadda kika kunna ta, ba ta raguwa, to maɓallin nan famfo ne kawai. Zafi zai yi ta hawa muddin yana kunne, kuma ke ce za ki riƙa ragewa da hannu. Mata da yawa da na koya wa gashi ba su taɓa sanin wane iri ke gare su ba sai ranar da muka durƙusa muka leƙa tare.

Abin da ya fi sauƙi shi ne ki sayi ma'aunin zafi na obin, ɗan ƙarfe mai fuska kamar agogo da ake ratayawa a jikin raga. Masu sayar da kayan kek a cikin Eko suna da shi, kuma kuɗinsa bai kai asarar fulawa da gas da kike yi a 'yan gashi kaɗan ba. Ki rataye shi a tsakiya, daidai inda gwangwani zai zauna, ta yadda za ki iya karantawa ta gilashi ba tare da kin buɗe ƙofa ba. Kafin ki samu, suga zai yi miki aiki. Farin suga yana narkewa ne a wajen digiri 186. Ki zafafa obin minti 20 a wata lamba, ki zuba busasshen suga cokali ɗaya a kan takardar foyil, ki ɗora a tire a ragar tsakiya, ki ba shi minti 15. In ya narke ya zama ruwa, kin wuce 186, sai ki sauko. In yana nan gari-gari, kina ƙasa da haka. Lambar da take dab da narkar da shi amma ba ta narkar ba, ita ce taki. Ki sa mata alama da jan farce a jikin kukan.

Ƙonewar ƙasa kuwa halin obin ɗin gas ne, domin wutar a ƙasa take, farantin ƙarfen da ke kanta yana yin zafi fiye da iskar ciki, yana dukan gindin gwangwani. Kada ki ajiye gwangwani a ragar ƙasa. Tsakiya za ki sa, sannan ki zura wani tire babu komai a ragar da ke ƙarƙashi ya tare zafin. Wasu suna zuba gishiri ko yashi mai tsabta a tiren, hakan ma yana yi. Sai dai ki kula ƙwarai, kada tire ko foyil ya rufe ramukan da ke ƙasan obin, kada kuma ki toshe mafitar hayaƙi da ke baya da niyyar riƙe zafi. Wutar gas in ta rasa iska tana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari, kuma kicin ɗinmu na Legas ƙanana ne. Ki bar taga a buɗe. Gwangwanin ma yana da tasiri: baƙi ko wanda ya tsufa ya yi duhu ya fi farin alminiyum jan zafi, in irinsa ne naki ki tsaya a 170 zuwa 175.

To mu ɗauki kwaɓinki mu gasa shi tare daga farko. Fulawa 500, ruwa wajen 290, suga 75, bota 40, madarar gari 20, gishiri 8, yis 7, duk a giram. In an cire abin da ya manne a roba da hannu, kusan giram 920 zai shiga gwangwani. Ki ɗora gwangwanin da kwaɓin a kan sikeli ki rubuta nauyin, za mu dawo kansa.

Ki kunna obin tun kwaɓin bai gama tashi ba. Wannan a Legas ba ƙaramin abu ba ne. Zafin kicin ɗinmu yana sa tashi na biyu, wato wanda kwaɓi ke yi a cikin gwangwani, ya ƙare cikin minti 35 ko 45, obin kuma yana buƙatar minti 20 cur kafin ƙarfen jikinsa ya ɗauki zafi. In kika jira sai kwaɓi ya cika sannan kika kunna, kafin obin ya shirya kwaɓin ya wuce gona da iri, ya shiga wuta ba ƙarfi, ya faɗa. Da kin ga ya kusa bakin gwangwani ki kunna. Lokacin shiga kuma yatsa ne zai gaya miki: ki shafa fulawa a yatsa, ki danna gefen kwaɓin a hankali. In ramin ya taso da sauri ya shafe, da saura. In ya taso a hankali ya bar ɗan gurbi, yanzu ne. In ya zauna yadda kika danna, ya wuce, ki sa shi nan take ba tare da kin girgiza shi ba.

Minti 10 zuwa 12 na farko burodin zai yi tashinsa na ƙarshe, ki ga ya ɗago sama da gwangwani kamar yatsa biyu. Kada ki buɗe ƙofa a wannan lokaci ko sau ɗaya, don zafi zubewa yake yi, kuma jikin burodin bai kama ba. A 180 har zuwa minti 15 saman fari-fari ne, ya ɗan fara rawaya. Wannan shi ne wurin da zuciya ke raya wa mutum ya ƙara wuta. Kada ki ƙara. Farin nan alama ce cewa kina kan hanya. In a minti 12 ya riga ya yi ja, wutar ta yi yawa, ki sauke. A minti 20 ki buɗe da sauri ki juya gwangwanin, gaba ya koma baya, saboda bayan obin ya fi gaba zafi. Wajen minti 25 zuwa 28 saman zai kai launin da kike so, ja mai haske irin na zuma. Nan ne a da kike fitarwa. Maimakon haka ki ɗauko foyil ki ɗora a sama sakwa-sakwa, ba tare da kin naɗe gefe ba, ki rufe ƙofa. Foyil ɗin zai tsayar da launin, zafi kuma ya ci gaba da shiga ciki. A minti 38 ki fara dubawa.

Alamar da ba ta ƙarya ita ce zafin tsakiya. Akwai ma'auni mai tsinke da ake sokawa a abinci, daban yake da na ratayawa. Ki soka shi ta gefe, dab da bakin gwangwani, a karkace har bakinsa ya kai tsakiyar burodin, ba tare da ya taɓa ƙarfe ba, ki jira lambar ta tsaya. Burodi mai laushi irin naki ya nuna in ya kai 90 zuwa 94. Ni 93 nake nema, don burodi mai suga da yawa a 90 yakan bar ɗan danshi a cibiya. In kin ga 85, ki mayar minti 5 ki sake. Kada kuma ki ce sai ya kai 100, kafin nan ya bushe ya fara marmashi. Da za a ce in zaɓar miki abu ɗaya cikin ma'aunan nan biyu, wannan mai tsinken zan zaɓa, don ko obin ya yaudare ki shi zai tona.

In babu ma'auni, sai ki haɗa alamu, kada ki tsaya a kan guda. Sikelin nan na ɗazu shi ne na farko. Burodin gwangwani marar murfi yana rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa a wuta, ruwan da ya fita ke nan. Kwaɓin giram 920 zai rage da wajen 85 zuwa 100. Ki shimfiɗa tsumma a kan sikeli tun kafin ki auna na farko, ki ɗora gwangwanin da zafinsa a kai: in abin da ya ragu bai fi 50 ba, da sauransa ko yaya launinsa yake. Gwangwani mai murfi yana riƙe ruwa, nasa ragin bai kai haka ba, don haka wannan lissafin na marar murfi ne.

Sannan ki juye burodin a kan tsumma ki dube shi da kyau. Wanda ya nuna yakan ɗan janye daga jikin gwangwani, ya fito ba gardama. Gefensa ya yi launin ƙasa-ƙasa mai haske, ba fari ba. Ki matsa gefen da yatsu biyu a daidai tsakiyar tsawonsa: ya kamata ki ji ya turo ki, ya koma yadda yake. In yatsunki sun nutse kuma gurbin ya zauna, ki mayar da shi. A hannu za ki ji ya fi yadda girmansa ya nuna sauƙi, ɗanye kuwa nauyi gare shi kamar an jiƙa shi. Sai ƙwanƙwasawa: ki buga gindinsa da bayan yatsa, nunanne yana amsawa kamar babu komai a ciki, ɗanye kuma sai ki ji dum, sautin ya mutu. Amma zan gaya miki gaskiya, wannan alamar ta fi aiki a burodi mai tauri. Mai bota da madara sautinsa a dushe yake ko ya nuna, ƙonannen gindi kuma yana iya amsawa rau alhali ciki ɗanye ne, wato daidai irin matsalarki. Soka tsinken sakace kuma na kek ne. Kwaɓin burodi ba ya manne wa tsinke yadda na kek ke yi, yana iya fitowa fes daga burodin da bai nuna ba.

In kin juye kin ga gefe fari ne, ko kina kokwanto, kada ki mayar da shi gwangwani. Ki ɗora shi haka nan a kan raga minti 5. Burodi mai laushi da ya ƙara minti 5 ba abin da ya same shi, wanda ya rasa minti 5 kuwa ba shi da gyara da zarar ya huce.

Yanzu maganar ruwa. Wadda ta ba ki shawarar ba ƙarya ta yi ba, tururi yana da aiki a gashin burodi, sai dai ba a irin naki ba, kuma ba ya maganin ɗanyen ciki. Ga abin da yake yi. Kwaɓi yana shiga obin da sanyinsa, tururi ya sauka a fatarsa ya zama raɓa. Raɓar nan tana hana fatar bushewa da wuri, sai burodin ya samu damar buɗewa sosai kafin ɓawo ya ɗaure shi. Tana kuma dafa garin da ke saman fatar, wanda in ya bushe daga baya yake zama siririn ɓawo mai sheƙi, mai ƙaras-ƙaras. Wannan shi ake nema a dogon burodin nan na Faransa, irin wanda 'yan Kwatano da 'yan Nijar suka saba da shi, wanda ba shi da suga ba shi da mai, ake gasa shi a 220 zuwa 240. Kuma ko a can, minti 10 zuwa 15 na farko kawai ake son tururin. Bayan nan dole ya fita, in ba haka ba ɓawo ba zai bushe ya yi launi ba, sai ya fito fari, yana jan haƙori.

Ke kuwa laushi kike nema, irin burodin da mai shayi zai tsaga ya shafa wa bota. Bota da madarar da ke cikin kwaɓin sun riga sun hana fatar yin tauri, gwangwani kuma ya rufe gefe da ƙasa. In kina son saman ya yi kyau, ki shafa madara ko ƙwai da aka kaɗa da ɗan ruwa kafin ya shiga, sannan ki goga bota da zarar ya fito. In kina son ɓawo siriri ta kowane gefe kamar burodin Agege mai kusurwa huɗu, gwangwani mai murfi za ki nema, shi yake riƙe tururin da kwaɓin kansa ke fitarwa. Na san abin da ya sa wasu suke rantsuwa da tiren ruwa: suna ganin gindin burodi ya daina ƙonewa. Gaskiya ne, amma tiren ne ya tare wuta, kuma busasshen tire zai yi wannan aikin ba tare da ya jiƙa miki ɓawo ba.

Ranar da kika yi sha'awar mai ɓawon, ga yadda za ki yi. Obin ɗin gas ba ya riƙe tururi, don an yi shi da mafita, duk abin da kika zuba cikin 'yan mintuna ya fice. Saboda haka maimakon ki cika obin da tururi, ki rufe burodin a tukunya. Ki samu tukunyar ƙarfe mai kauri mai murfi, wadda ba ta da roba ko katako a hannu ko a kan murfi. Ki sa ta cikin obin a 230 ta yi minti 30 tana zafi. Kwaɓin fulawa 500, ruwa 340, gishiri 10, yis 4, ki mulmula shi dunƙule ɗaya. In ya tashi ki tsaga samansa da reza, zurfin rabin gaɓar yatsa, ki sauke shi cikin tukunyar a kan takardar gashi, ki rufe. Minti 20 a rufe, ruwan jikinsa ya ishe shi tururi. Sai ki cire murfi, ki sauko 210 ko 220, ki ba shi wasu minti 20 zuwa 25 har ya yi ja mai duhu. Shi wannan sai tsakiyarsa ta kai 96 zuwa 98, kuma a nan ne ƙwanƙwasawa take faɗin gaskiya. In kin ajiye shi ki kasa kunne, za ki ji ɓawon yana ƙas-ƙas yana tsattsagewa da kansa. Ki sani dai danshin iskar Legas, musamman da damina, zai tausasa ɓawon cikin 'yan awanni, ba laifinki ba ne. Minti 6 ko 8 a obin mai 180 yana dawo da shi.

In dole sai kin yi da tire, misali burodin dogo ne ba zai shiga tukunya ba, to tiren ƙarfe za ki zafafa tare da obin, ki zuba tafasasshen ruwa rabin kofi daidai lokacin da burodi ya shiga, ki rufe da sauri, ki fitar da tiren bayan minti 12. Ban da kwanon gilashi. Ki kiyaye ruwa ya ɗiga a gilashin ƙofa, yana iya fashewa, ki kiyaye kuma ya zuba ta ramukan ƙasa ya kashe wuta gas yana fita. Ki kau da fuska, ki sa tsumma har wuyan hannu, ƙunar tururi ba ta da daɗi ko kaɗan.

Akwai sauran aiki bayan an fitar, kuma ina zargin wani ɓangare na danƙonki daga nan yake. Ki juye burodi daga gwangwani cikin minti 5, in ya daɗe a ciki gumi yake yi, gefe ya jiƙe ya lotsa. Ki ɗora shi a kan raga inda iska za ta bi ta ƙarƙashinsa. Sannan ki haƙura. Cikin burodi mai zafi bai gama kamawa ba, tururi yana ci gaba da fita, garin da ya dahu yana ƙara ƙwari yayin da yake hucewa. Ko wanda ya kai 94, in kika sa masa wuƙa da zafi sai ya dunƙule ya manne. Gwangwani irin naki awa ɗaya da rabi yake so, in ki taɓa gindinsa ki ji babu ɗumi. Na san yara ba sa bari, to ki ware musu 'yan ƙananan dunƙule na giram 60 ko 70 daga kwaɓin, su minti 15 zuwa 18 sun ishe su, kuma ana cinsu da ɗumi. Leda ma sai ya huce sarai. Da kin ga raɓa a cikin ledar kin yi gaggawa, kuma a zafi da danshin garin nan burodin da aka ɗaure da gumi cikin kwana biyu ko uku ya fara fumfuna.

In kin yi duk wannan kika yanka, ki karanta abin da kika gani. Danƙo a cibiya sosai, kewaye da shi kuma lafiya, wuta ce har yanzu ta yi yawa ko lokaci bai isa ba. Layi mai tauri, mai duhu, kwance a gindin burodin, wannan ba na wuta mai yawa ba ne: ko kwaɓin bai tashi sosai ba, ko tiren da kika sa ya tare zafin ƙasa fiye da kima, sai ki cire shi a minti 10 na ƙarshe. Sama ta faɗa ta yi kwari, ga manyan ramuka a ƙarƙashin ɓawo, tashi ne ya wuce. Burodi fari, busasshe, mai kaurin ɓawo bayan kusan awa guda, wuta ta yi kaɗan, ki haura digiri 10. Mai amfani da ƙaramin obin na lantarki takan gamu da wannan na ƙarshe in wuta ta zo ba ƙarfi ko ana kan janareta, nata kuma sama ce ke ƙonewa don ƙarfen wutar yana dab da burodi, sai ta sa foyil tun minti 15.

In kuma obin ɗinki irin mai famfon nan ne, kin kai shi can ƙasa amma zafi yana haura 190, to ki rage wa zafin tafiya. Ki raba kwaɓin gida biyu, giram 460 a kowane ƙaramin gwangwani, ki bar tazarar yatsa uku tsakaninsu da kuma tsakaninsu da bango. Ki sa foyil a minti 18, ki fara dubawa a minti 26, yawanci kafin 30 tsakiyar ta kai 93.